Kalmomin da Ke Yaudarar Mai Fassara Tsakanin Ingilishi da Sifaniyanci

Malaman da ke koyar da Sifaniyanci a Amurka da Birtaniya sun san wani kuskure da kusan kowane aji sai an samu mai tafka shi. Ɗaliba ta je Madrid ko Meziko domin goge harshenta, an sauke ta a gidan wasu mutane, ana cin abinci sai ta zubar da miya a kan shimfiɗar tebur. Kunya ta kama ta. Ta lalubi kalmar da za ta bayyana halin da take ciki, ta tuna cewa a Ingilishi ana cewa "embarrassed", ta kuma tuna ta taɓa jin wata kalmar Sifaniyanci mai kama da ita. Sai ta dubi uwar gida ta ce, "Señora, estoy muy embarazada." A zatonta ta ce kunya ta rufe ta. Abin da kunnen uwar gida ya ji shi ne yarinyar da aka ba ta amana tana sanar da ita cewa tana ɗauke da juna biyu, har cikin ya tsufa.

Nahawun jimlar daidai yake, lafazin ma ba laifi. Shi ya sa babu wanda zai tsayar da ita ya ce ta sake faɗa. Za a yarda da abin da aka ji, a shiga yi mata barka ko a shiga salati.

Masana harshe suna kiran irin waɗannan kalmomi "aminan ƙarya". Sunan ya fito ne daga wani littafi da Faransawa biyu, Maxime Koessler da Jules Derocquigny, suka wallafa a 1928 domin gargaɗin masu fassara daga Ingilishi zuwa Faransanci. Ana nufin kalmomi biyu a harsuna biyu da suka yi kama a rubuce ko a baki, amma kowace da inda ta dosa. Bahaushe zai ce kura ce da fatar akuya. Kalmar da mutum bai taɓa ji ba takan tilasta masa ya tsaya, ya buɗe ƙamus ko ya tambayi na kusa. Wadda ta zo da fuskar sani kuwa wucewa take yi ba bincike, kuma ta wannan ƙofa ɓarnar ke shigowa.

Abin da ya sa tarkon ya yi yawa tsakanin waɗannan harsuna biyu tarihi ne. Sifaniyanci ɗan Latin ne kai tsaye, daga bakin sojoji da 'yan kasuwar Rum ya tsiro. Ingilishi kuwa asalinsa dangin Jamusanci ne, amma bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, harshen ya kwashi kalmomin Faransanci da na Latin dubbai, na mulki da shari'a da addini da magani. Saboda haka ɗalibi yakan tarar da garaɓasa tun makon farko. "Hospital" asibiti ne a can da nan. "Animal" dabba ce a duka biyun. "Nation" ta zama "nación", "university" ta zama "universidad", "famous" ta zama "famoso". In mutum ya gwada wannan dabara sau da dama ta yi masa aiki, sai ya saki jiki ya ɗauka doka ce. Alhali kalmomin da suka fito daga tsatso ɗaya sun yi ɗaruruwan shekaru kowace tana zaune a cikin mutanenta, ma'anarta tana gusawa a hankali.

Ita "embarazada" ɗin da "embarrassed" 'yan uwan juna ne na gaske. Tushensu aikatau ne da ke nufin a harɗe abu, a tare masa hanya, a hana shi sakewa. Ingilishi ya karɓi kalmar ta hannun Faransanci a ƙarni na 17, da farko da ma'anar cikas, daga baya ta koma nufin harɗewar da mutum ke ji a ransa idan ya yi abin kunya. Sifaniyanci kuma ya yi amfani da ita wajen sakaya zance a kan mace mai ciki, wadda nauyi ya hana ta sakewa. Abin da ke ƙara rikita ɗalibi shi ne tsohuwar ma'anar ba ta mutu duka ba: "una situación embarazosa" na nufin yanayi mai sa kunya, daidai yadda mai jin Ingilishi zai zata. Wato kalmar tana cika alkawari a wani wuri, ta saɓa a wani. Abin da ya kamata ɗalibar nan ta ce shi ne "me da vergüenza", ko kuma, in a Meziko ko Kolombiya take, "qué pena".

Yawancin kalmomin da ke jawo jin kunya sun taru ne a kan jiki da abin da ya shafe shi, inda mutane suka fi son sakayawa. A Sifaniya, wanda ya ce "estoy constipado" mura yake yi, hanci ya toshe. Bature mai jin Ingilishi zai ɗauka bayan gida ne ya ƙi fita, domin abin da "constipated" ke nufi ke nan. Tushen Latin ɗin cunkushewa yake nufi. Wani harshe ya kai cunkoson hanci, wani ya kai shi hanji. Baƙon da cikinsa ya ɗaure, ya shiga shagon magani a Sabiya ya yi amfani da wannan kalma, da maganin mura zai fito. Kalmar da yake nema ita ce "estreñido".

Haka mai kula da lafiyarsa da ya ɗauki kwalbar zuma a kanti ya tambayi mai shago ko an sa mata "preservativos". Yana nufin sinadarin da ke hana abinci lalacewa, wanda a Sifaniya ake kira "conservantes". Abin da ya tambaya a zahiri shi ne ko akwai kwaroron roba a cikin zumar.

Waɗannan ana dariya a wuce. Akwai waɗanda ba a dariya.

A ƙofar ɗakunan otal na ƙasashen da ke jin Sifaniyanci ana rataya ɗan kwali mai rubutun "No molestar", wato kada a dame ni. Kalma ce ta yau da kullum: sauro yana "molestar", hayaniyar maƙwabta tana "molestar", ƙane yana "molestar" yayarsa idan tana karatu. A Ingilishin yau kuwa "molest" ta tsuke ta koma nufin cin zarafi ta hanyar lalata, musamman ga yara. A ɗauka yarinya ta gaya wa malamar makaranta a Teksas cewa kawunta "me molesta", tana nufin yana tsokanarta, wani kuma ya mayar da maganar Ingilishi da kalmar da ta fi kama. An jefa mutum cikin zargin da zai iya rusa gidansa. In kuma aka juya, aka fassara tuhumar "molest" da "molestar" ga iyayen da ba sa jin Ingilishi, an mayar da babban laifi ƙaramar fitina, iyayen su tashi ba su san abin da ya sami ɗiyarsu ba. Ta kowace fuska aka kuskure, wani ya cutu.

Misalin da ya fi kowanne shahara a tsakanin tafintocin asibiti ya faru ne a kudancin jihar Fulorida cikin watan Janairun 1980. Wani saurayi ɗan shekara 18, ɗan asalin Kuba, gwanin wasan ƙwallon gora a makarantarsu, ya ji wani matsanancin ciwon kai ya sare shi farat ɗaya. Kafin wani lokaci ya fita hayyacinsa, aka ɗauke shi a motar asibiti. Mutanen da suka raka shi Sifaniyanci suka fi ji. Sun san ya ci abinci a wani gidan abinci a ranar, don haka zatonsu abincin ne ya ɓata shi. Kalmar da suka yi amfani da ita ita ce "intoxicado".

A bakin mutumin Kuba, kamar sauran masu jin Sifaniyanci, wannan kalma na nufin wani abu da mutum ya ci ko ya sha ya cutar da shi: ruɓaɓɓen nama, kifin da ya kwana, madarar da ta lalace. Guba a abinci ma "intoxicación alimentaria" ake ce mata. Wanda ya sha giya ya bugu kuwa "borracho" ne ko "ebrio". Amma a kunnen mai jin Ingilishi, "intoxicated" maye ne, na giya ko na ƙwaya. Asalin kalmar daga Girkanci yake, daga sunan dafin da ake shafa wa kibiya. Sifaniyanci ya riƙe dafin, Ingilishin kan titi ya karkata zuwa buguwa.

Ba a kira ƙwararren tafinta ba. Ma'aikatan sashen gaggawa suka tafi a kan cewa yaron ya sha ƙwaya ce ta fi ƙarfinsa, aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman ana yi masa maganin abin da ba shi ke damunsa ba. Gaskiyar lamarin ita ce jini ne ke tsiyaya a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya. Ya yi fiye da kwana biyu yana zuba kafin a gano, a kira likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. An ceci ransa, amma hannuwa da ƙafafu duk sun shanye har abada. Shari'ar da ta biyo baya ta ƙare da sulhu a kan diyyar da aka ƙiyasta za ta kai dala miliyan 71 a tsawon rayuwarsa.

Ya kamata a tsaya a duba yadda kalma ɗaya ta iya yin wannan aiki, domin likitoci ba da kalma kaɗai suke aiki ba. Matsalar ita ce mutumin da ƙwaya ta sumar da wanda jini ya danne masa gindin ƙwaƙwalwa suna iya nuna alamomi masu kama: dukansu ba sa farkawa, numfashinsu na iya yin rauni, ƙwayar idonsu na iya tsukewa. A irin wannan hali labarin da dangi suka bayar shi ke nuna wa likita hanyar da zai bi. Saurayi mai ƙarfi da aka ce ya yi maye, ana jira abin ya sake shi. Saurayin da aka ce ciwon kai mai tsanani ya kama shi nan take sannan ya faɗi, wannan alama ce da kowane likita ya sani tana kiran a duba ƙwaƙwalwa ba ɓata lokaci. Kalmar ta ba ma'aikatan amsa tun kafin su gama tambaya, kuma amsar ta yi daidai da abin da idonsu ke gani.

Gail Price-Wise, wadda ta bi diddigin lamarin ta yi hira da dangin da likitocin, ta kuma rubuta shi a 2008, ta nuna cewa ba kalmar kaɗai ta yi ɓarna ba. Da aka gaya wa iyalin cewa ƙwaya ce, abin ya girgiza su, domin sun san ɗansu ɗan wasa ne mai kula da jikinsa. Amma sun taso cikin al'adar da ba a ja da likita, sai ƙin yardarsu bai fito da ƙarfin da zai sa a sake tunani ba. Wannan hali ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa raka tsoho asibiti ya ga yana gyaɗa kai ga bayanin da bai gane ba.

Da akwai tafinta mai horo a wurin, aikinsa a bayyane yake. Zai ji "intoxicado", ya san kalma ce mai faɗi, ya ce wa likita: iyalin sun yi amfani da kalmar da ke nufin wani abu da ya ci ko ya sha ya sa shi rashin lafiya, a ba ni izini in tambaye su me suke nufi. Sai ya juya ga mahaifiyar ya ce, me ya ci, me ya sha, da ƙarfe nawa, me ya fara cewa yana ji? Tambayar ƙarshen nan ita za ta fito da ciwon kan. Duka ba zai ɗauki minti biyu ba.

Bincike ya tabbatar da cewa wannan bambanci ba zato ba ne. Likitan yara Glenn Flores da abokan aikinsa sun naɗi ganawar likitoci da iyalai masu jin Sifaniyanci, suka wallafa sakamakon a 2003. Sun tarar da kimanin kuskuren tafinta 31 a kowace ganawa, kuma kashi 63 cikin ɗari na kurakuran suna iya shafar lafiyar mara lafiya. Kurakuran da tafintan sa-kai suka yi, wato ɗan uwa ko ma'aikacin da aka jawo daga wani aiki don kawai yana jin harshen, sun fi na tafintan asibiti yiwuwar cutarwa: kashi 77 a kan kashi 53. Jin harsuna biyu daban, iya tsayawa a tsakaninsu daban. Wanda ya tashi da harsunan biyu a gida ma yakan fi saurin faɗawa tarkon, domin kalmomin biyu suna zaune kusa da juna a kansa, bai taɓa samun dalilin raba su ba.

Akwai kuma wani nau'in da kamanninsa a rubuce ya zo ne bisa katari kawai. "Once" a Ingilishi sau ɗaya ne. Haruffan nan huɗu, a jere ɗaya, a Sifaniyanci goma sha ɗaya suke nufi. A baki ba sa kama, amma a rubuce ba bambanci. In aka buga takardar kwalbar magani da Sifaniyanci aka bar wannan kalma yadda take a Ingilishi, uwa za ta iya karanta cewa a ba yaro sau 11 a rana. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan irin takardun Sifaniyancin da shagunan magani ke bugawa a unguwar Bronx ta birnin New York ya gano kuskure a rabinsu, kuma barin kalmomin Ingilishi a tsakiyar umarnin yana cikin abin da aka fi samu. A ƙasar da mutum fiye da miliyan 40 ke magana da Sifaniyanci a gida, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

'Yan jarida su ma suna da nasu ramin, kuma na lissafi ne. "Billion" a Ingilishin yau miliyan dubu ne, ɗaya da sifili 9. Birtaniya ma, wadda a da take lissafi dabam, gwamnatinta ta koma wannan tsari a 1974. Amma "billón" na Sifaniyanci miliyan sau miliyan ne, ɗaya da sifili 12, abin da mai jin Ingilishi ke kira tiriliyan. Mai fassarar da ya ga bashin dala biliyan 2 ya rubuta "dos billones" ya ninka bashin sau dubu da alƙalami ɗaya. Daidai shi ne "dos mil millones". Hanyar gane kuskuren ita ce a auna adadin da wani abin da aka sani. Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar a Nuwamban 2022 cewa mutanen duniya sun kai biliyan 8, jaridun Sifaniya "8.000 millones" suka rubuta. Duk labarin da ya ba wani kamfani ko wani attajiri ɗaruruwan "billones" ya ba shi dukiyar da ta fi abin da duniya duka ke samarwa a shekara.

An yi ƙoƙarin toshe wannan rami. Shugaban Benezuwela Rafael Caldera ya ba da shawarar kalmar "millardo" domin miliyan dubu, hukumar kula da harshen Sifaniyanci da ke Madrid ta karɓe ta a 1995. Ta samu shiga a jaridun Benezuwela, amma a sauran wurare mutane sun ci gaba da "mil millones". Masu sauraron labarai da Hausa sun san ɗanɗanon wannan rabuwa: ɗan Nijar da ya yi boko da Faransanci yakan ce miliyar, ɗan Najeriya ya ce biliyan, adadi ɗaya suke nufi, kowa da harshen Turawan da ya aro daga gare shi.

Ana iya zaton maganin duka shi ne a haddace jerin kalmomin. Haddar tana da amfani, kuma duk makarantar fassara tana sa ɗalibai su san cewa "éxito" nasara ce ba ƙofar fita ba, "librería" shagon sayar da littattafai ne ba ɗakin karatu ba, "parientes" dangi ne ba iyaye ba, "decepción" takaicin rashin samun abin da aka sa rai ne ba yaudara ba. Sai dai jerin ba ya zama wuri ɗaya. Harsunan biyu suna gogayya kullum a Los Angeles da Miami da New York, kuma abin da ya fara a matsayin kuskure yakan zama maganar gari. "Carpeta" a Madrid jakar ajiye takardu ce, amma a gidaje da yawa na masu jin Sifaniyanci a Amurka darduma ce, saboda ta jingina da "carpet". "Aplicar", wadda asali take nufin shafa abu ko zartar da doka, yanzu a wurare da dama ana amfani da ita wajen neman aiki ko gurbin karatu, kamar "apply". A Amurka ma ana jin "billón" da ma'anar Ingilishi.

Wannan ya sa ƙwararren mai fassara ba ya fara aiki sai ya san wa zai karanta, kuma daga ina mai maganar ya fito. Tambayoyinsa sukan kasance na zahiri. Takardar nan ta asibitin Chicago ce ko ta ma'aikatar lafiya a Madrid? Mara lafiyan nan jiya ya sauka daga Guwatemala, ko a Amurka aka haife shi? Idan ya haɗu da kalmar da ta zo masa da sauƙi fiye da kima, a kanta yake tsayawa, ya duba ta a ƙamus na Sifaniyanci zalla, wanda ke bayyana kalma da harshenta, maimakon ƙamus mai harshe biyu da ke jera kalma gefen kalma. A takardun magani da na binciken lafiya akan ba wani mutum dabam fassarar ya mayar da ita Ingilishi ba tare da ya ga asalin ba, sannan a gwada biyun. In "mura" ta tafi ta dawo a matsayin "ɗaurewar ciki", an kama ɓarawon. Adadi kuma ana rubuta shi da lambobi cikakku, sifili bayan sifili, inda kuskure zai yi tsada.

A gaban mara lafiya kuwa, asibitoci da yawa a Amurka suna koya wa ma'aikatansu kada su tsaya a kan tambayar "kin gane?", domin kusan kowa zai ce e. Ana roƙon uwar ta faɗa da bakinta yadda za ta ba da maganin idan ta koma gida: cokali nawa, sau nawa, na kwana nawa. In ta ce sau goma sha ɗaya, tafinta ya ji tun kwalbar tana kan tebur, a karɓe ta a sake buga takardar da "una vez al día".